Fuskar da Shafina Ya Nuna a Argungu

Ni mace ce mai saurin hasala, duk layinmu a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi an san haka. Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Poli ina zaune gida, babu aiki sai 'yan shafukan talla da nake haɗa wa masu shaguna, a shekarar ce aka ƙwace wa yayana mashin. Kabu-kabu yake yi, da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa, da mu da innarmu tun rasuwar mahaifinmu. Wasu samari biyu suka tsayar da shi bayan la'asar, suka ce ya kai su wajen unguwar Gesse. Suna shiga wani lungu inda ake sababbin gine-gine, na bayan ya zaro guduma daga riga ya kwaɗa masa a ƙeya. Ya faɗi, suka bi shi da shuri a ciki da baki har ya daina motsi, suka hau mashin suka yi gaba. Masu leburanci ne suka kawo shi gida a keke, rigarsa ta manne da jini, haƙoransa na gaba a hannunsa ya dunƙule.

Da ya warke sai ya koma hawan na aro. Haka 'yan kabu-kabu suke yi. Mai mashin ya yi aikin safe, in rana ta take ya gaji, sai ya miƙa wa wani makulli ya yi na yamma. Wani don zumunci, wani don a raba abin da aka samu. Babu takarda, babu shaida, makulli kawai ake cillawa. Wanda ya fi ba Yaya aro wani dattijo ne, abokin mahaifinmu, mutumin Argungu da ya daɗe a Badariya. Baba muke ce masa.

Ana cikin haka ciyaman na ƙungiyar 'yan kabu-kabun unguwarmu ya aiko a kira ni. Ya ji an ce ƙanwar wane ta iya kwamfuta. Na sa hijabi na bi Yaya har rumfarsu, na tarar da maza cike a kan bencuna, warin fetur da zufa kamar ya kayar da mutum.

"Injiniya," in ji ciyaman, "manhaja muke so ki yi muna. Irin ta manyan garuruwa."

Na ce, "Ta yi me, ranka ya daɗe?"

"Komi da komi."

Wallahi sai da na ciji leɓe. Komi da komi! Kowa ya buɗe baki ya kawo tasa. Wannan yana son fasinja ya kira shi daga ɗaki. Wancan yana son taswira mai nuna inda kowa yake. Wani yana son ta gaya masa gidan man da babu layi. Yaya ya miƙe, da bakinsa mai giɓi, ya ce shi abu ɗaya yake so, maɓallin kuwwa. In an sace mashin ka danna, lambar mashin ɗin ta faɗa wayar kowane ɗan kabu-kabu daga nan har Argungu, a tare ɓarawo duk inda ya ɓullo. Rumfa ta ɗauki sowa.

Na bari suka lafa, na ce musu ni kaɗai ce, kwamfutata ɗaya ce, batirinta ma sai da lallashi. Abu ɗaya zan iya ginawa, ƙarami, wanda zai yi aiki daga farko har ƙarshe, a saka shi hannun mutane a ga ko za su yi amfani da shi. In sun yi, a ɗora na biyu. In na kama goma lokaci guda, shekara za ta zagayo ba ko ɗaya da ke motsi. Na ce su zaɓa.

Ai kamar na watsa musu fetur. Mai son taswira ya ce mai son kuwwa tsoro ke damunsa. Yaya ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Kafin in ƙifta ido Yaya ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya ɗaga benci, waɗanda ke zaune a ɗaya gefen suka zube ƙasa. Wani ya zaro sifana. Na ga an fasa wa wani saurayi gira, jini ya rufe masa ido yana ta kai naushi a iska. Ciyaman yana ta "Ku bari! Ku bari don Allah!" babu mai jin sa. Ni kuwa na rungume kwamfutata na haye kan tebur, na ce da ƙarfi, "To ku kashe juna, sai in gina wa matanku!" Wannan ce ta sa wasu dariya, faɗan ya mutu. Ciyaman yana haki ya ce, "Injiniya, ke zaɓa. Abin da kinka zaɓa shi na."

Taswira da kiran fasinja ban ɓata musu lokaci ba. Taswira tana son wayar kowa a kunne tana bayar da wurinsa wuni guda, ta cinye data ta cinye caji, kuma rabin wayoyinsu fuskar a fashe take. Fasinja kuma a Birnin Kebbi hannu yake ɗagawa, kafin ya sauke uku sun tsaya. Wa zai buɗe waya? Saura kuwwar Yaya. Gaskiya ita ce mai sauƙin gini, kuma zuciyata tana wajenta, don ni na wanke rigar nan mai jini.

Abin da ya juya ni, a bakin kasuwa na gan shi. Na je sayen kayan miya sai na ji "Ɓarawo! Ɓarawo!" Wani mutum ne a kan mashin, an fizgo shi ta baya. Wani ya ce ya san mashin ɗin, ba nasa ba ne. Shi ke nan. Mutumin yana cewa aro aka ba shi, ana dukan bakin da ke maganar. Mai rake ya kawo sanda, mai faci ya kawo ƙarfen cire taya. Na ga wani da ko sanin abin da ya faru bai yi ba, ya ajiye ledarsa a hankali, ya ɗauki bulo ya sauke masa a gwiwa. Ƙarar ƙashin har yau tana kunnena. Wani yana ta neman taya da ashana. Allah ya kawo mai mashin ɗin a guje, yana ihu shi ya ba shi, shi ya ba shi! Sai kowa ya watse yana kaɗe hannu, aka bar mutum kwance cikin kwata.

Na dawo gida ko tattasai ban saya ba. Na zauna na yi tunani. Mutanen nan, ba tare da kowa ya danna komai ba, haka suka yi. To in na ba su maɓallin da zai tayar da ɗaruruwansu lokaci guda fa? Mutum ya fito masallaci bai ga mashinsa ba, ƙaninsa ne ya ɗauka, ya danna. Kuma wa ke yawo kullum a kan mashin da ba nasa ba? Yayana.

Da yamma na same shi yana cin tuwo, na ce, "Yaya, ba kuwwa zan fara ginawa ba. Shafi zan yi, a rubuta lambar mashin, ya nuna fuskar mai shi da fuskar wanda ya ba aro yau. Kafin a daki mutum a duba."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Mi kika ce?"

Na maimaita.

"Ni anka fasa ma kai, ke kuma ɓarayi za ki gina ma kariya?"

"Kai zan gina wa, mai taurin kai! Mashin wa kake hawa?"

Ya ɗauki kwanon miya ya maka da bango. Miyar kuka ta yi ta gangarowa. Na ce ya fasa na tuwon ma, ai ba shi ke wankewa ba. Ya taso mini, na miƙe na tsaya, na ce bismilla, ya taɓa ni ya gani. Inna ce ta shiga tsakani tana salati. Mun daɗe ba ma gaisawa, ko a zaure muka haɗu sai kowa ya kau da kai. Amma ranar da na fito da waya zan fara ɗaukar hotuna, shi ya fara tsayawa gaban bango, fuska a murtuke, ya ce, "Ɗauki, kin dame mu."

Abin da na gina bai taka kara ya karya ba. Shafi ne da ake buɗewa a kowace waya mai intanet, ba sai an sauke komai ba. Akwati ɗaya na rubuta lamba. Ka rubuta, hoton mai mashin ya fito, a ƙasa kuma gurbin wanda aka ba aro. Mai mashin yana da lambar sirrinsa, in zai ba da aro ya shiga, ya zaɓi mutum cikin waɗanda na yi wa rajista, ya danna, washegari abin ya goge kansa. Hotunan na matse su ƙanana don su buɗe ko sabis ba ƙarfi. Rajista ni nake yi da hannuna, a rumfarmu kaɗai, don in ga yadda abin zai tafi kafin a faɗaɗa. A can ƙasan shafin na sa lambar wayata, ga mai ƙorafi. Ba launi, ba ado. Mai son taswira ya duba ya ce, "Wanga na duka?" Na ce in bai yi masa ba ya mayar wa mai shi.

Abin ya karɓu fiye da zatona. Samarin rumfa suka mayar da shi wasa, suna rubuta lambar juna suna dariyar hotuna. Sau ɗaya an tare wani a hanyar Poli, aka duba, aka ga fuskarsa a gurbin aro, aka ba shi haƙuri ya wuce ko mari bai sha ba. Ranar har rawa na taka a tsakar gida. Adireshin shafin kuma ya yi ta yawo a wayoyin 'yan kabu-kabu, daga wannan zauren hira na waya zuwa wancan, har ya kai garuruwan da ban taɓa yi wa kowa rajista ba.

Wata safiya lokacin noman rani, wani manomin shinkafa ya nemi a kai masa kayan gyaran injin ban-ruwa Argungu da gaggawa. Baba ya turo mashinsa har ƙofar gidanmu, ya cilla wa Yaya makulli. Ina tsaye da tsintsiya na ce, "Baba, a danna fa."

Ya yi murmushi ya ce, "To, ɗiyata, za a danna."

Yaya ya ɗaure kaya ya tafi. Wuta ta ɗauke tun asuba, kwamfutata ta mutu, na shiga wanki.

Wajen azahar wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ina ɗauka hayaniya ta cika mini kunne. Wani namiji yana ihu, "Ke ce mai shafin ga? Daga Argungu nike. Mun kama ɓarawon mashin bakin tasha, mun duba abinki, ya nuna muna mai shi, tsoho na mai hurhura. Wanga yaro ba shi na ba. Yana ta cewa a kira ki, a kira ki."

Na ce ya karanto mini lambar. Ya karanto. Ta Baba ce.

Ashe wani ɗan'uwan Baba ne a Argungu ya gane mashin ɗin, ya ga baƙuwar fuska a kai, ya yi kuwwa. Da aka taru, Yaya da kansa ya ce a duba shafi. Shi ya ba su adireshin ma, ga waɗanda ba su da shi. Aka duba, ga Baba, gurbin aro kuma fayau babu kowa. Wannan duk daga baya na ji. A lokacin abin da nake ji ta waya shi ne ƙarar itace a jikin mutum, tim, tim, kamar ana bugun shinkafa, da muryar yayana. Ban taɓa jin ya yi irin wannan kukan ba, ko ranar guduma. Ba magana yake yi ba, wani gurnani ne yake fita duk lokacin da abu ya sauka. Na ji wani yana cewa, "Hannun! Hannun da yake sata da shi!" Na ji wani yana tambayar wa ke da fetur.

Na yi ta ihu, "Yayana ne! Aro aka ba shi! A gabana aka ba shi!"

Mutumin ya ce, "Malama, kowa haka yake cewa. Abinki bai nuna ba."

Abina bai nuna ba. Nan hankalina ya dawo. Ni na gina shi, ina da ƙofar shiga ta mai kula, zan iya saka aron da hannuna. Kwamfuta a mace take, sai dai ta waya. Wayata kuma in ana kira data ba ta tafiya. Dole in kashe kiran. Dole in katse muryar yayana, ban san ko zan sake jin ta ba. Na ce wa mutumin, "Don girman Allah ka tsaya kusa da shi. Ka sake buɗe shafin nan yanzun nan, ka yi ta sake buɗewa." Na kashe.

Hannuna duk kumfar sabulu, fuskar wayar ta ƙi jin yatsana. Na goge a zani. Na rubuta kalmar sirri na yi kuskure, na zagi kaina, na zagi wayar, na zagi Baba da duk danginsa na Argungu. Inna ta fito tana tambayar lafiya, na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Shafin ya buɗe a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Na nemo lambar Baba, na zaɓi Yaya, na danna. Abin ya yi ta juyawa. Da ya nuna ya shiga, na kira mutumin.

Bai ɗauka ba. Na sake kira, bai ɗauka ba. Na durƙushe a bakin rijiya ina kira ina kuka ina cewa ya Allah, ya Allah. Can ya ɗauka. Hayaniyar ta canza, yanzu muryarsa ce a sama, yana cewa, "Ku dakata! Ku duba! Ga shi nan ya hito! Shi na, wallahi shi na!" Sai da suka goge masa jinin fuska da rigarsa kafin su iya gwada ta da hoton. An riga an rataya masa taya a wuya.

Ni da ciyaman muka shiga mota zuwa Argungu. Hanyar nan da fadamun shinkafa kore shar hagu da dama, ban ga komai ba. A asibiti na tarar da shi kwance, kai ya kumbura, ido ɗaya a rufe, haƙarƙari a ɗaure. Hannun dama kuwa sun ɗora shi a kan dakalin siminti sun daddatse da ƙarfe. Likita ya ce zai rayu, yatsun ne bai yi alkawari ba.

Baba ya iso bayan la'asar, hularsa a karkace, yana hawaye. Na tare shi a baranda. Na ce, "Baba, ka ce za ka danna."

Ya ce, "Ɗiyata, yaya zan rubuta ɗan aminina cikin waya awa baƙo? Ubanku ya ba ni jakinai, ya ba ni kekenai, bai taɓa kiran shaida ba. In na danna, kamar na ce ban yarda da yaron ga ba. Kunya ta hana ni."

Kunya! Filas ɗin ruwan zafin da na riƙo wa Yaya na ɗaga na rotsa a ƙasa gabansa, kwalbar ciki ta tarwatse, ruwa ya fallatsar masa a ƙafa. Na ce, "Ga kunyarka can a kan gado, shiga ka gaishe ta!" Tsohon da ya yi mini huɗuba ranar sunana, na yi masa ihu har ma'aikatan jinya suka fito. Ya tsuguna yana tsince kwalabe da hannu. Ciyaman ya ja ni gefe ya ce mini a hankali ba Baba kaɗai ba ne. Dattawan rumfa kusan duka haka suke, in baƙon yaro za su ba sai su danna, in nasu ne na jiki ba sa iyawa.

Bayan mun dawo na juya abin. Yanzu mai karɓar aro shi ke dannawa, saƙo ya je wa mai mashin, shi kuma ya amsa da e kawai, kamar yadda ake amsa sallama. Wannan dattawa suna yi ba gardama. Inda gurbin aro yake fayau kuma na sa rubutu ja babba, cewa rashin hoto ba shaidar sata ba ce, a kira mai mashin, ga maɓallin kiransa nan. Ciyaman ya sake tayar da maganar kuwwa, na ce ya nemi wani.

Yaya ya daɗe yana jinya. Aka cire ɗauri, yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa, sun tsaya a sandare. Wata rana da hantsi Baba ya sake turo mashinsa ƙofar gida, bai shigo ba, ya jingine ya koma gefe. Yaya ya fita, ni ina leƙe ta zaure. Ya hau, ya buga ya tashi. Ya ɗora hannun a kan totur. Ya murɗa, hannun ya zame. Ya gyara zama, ya danna da tafin hannu, injin ya yi ƙara ya koma. Ya kai yatsu ga birki, ba su kama ba. Ya gwada har zufa ta jiƙa masa riga, sannan ya kashe, ya sauka, ya miƙa wa Baba makulli da hannun hagu.

Ya shigo ya wuce ni, ya tsaya a tsakar gida bai juyo ba. Ya ce, "Auta, cire hotona daga abin nan. Ba ni sake hawa."

Na buɗe kwamfuta na shiga shafin mai kula, na duba sama da ƙasa. Akwai wurin saka mutum, akwai wurin ba shi aro, babu wurin cire shi. Ban gina wannan ba, yana cikin abubuwan da na ce sai daga baya. Sai da na shiga can cikin ma'ajiyar bayanan, inda kowa yake a layinsa. Nasa ne na farko, fuska a murtuke gaban bangon gidanmu. Yana tsaye a kaina yana jira, na goge shi da hannuna.